Mita Uku a Fuskar Na'ura, Mita Nawa a Ƙasa?

A kusurwar fuskar kowace na'urar GPS ta hannu akwai wata 'yar lamba da ke sauyawa a hankali. A fili sarari takan ce mita 3 ko 4, idan aka shiga ƙarƙashin bishiya ta haura zuwa 8. Yawancin masu amfani da na'urar, tun daga jami'an gona da ke auna gonaki domin rabon taki har zuwa dillalan filaye a bayan gari, suna ɗaukar lambar nan tamkar alkawari, wato duk inda na'urar ta ce mutum yake, bai wuce mita 3 daga wurin ba. Alhali hasashe kawai na'urar take yi game da kanta, tana duba yawan taurarin ɗan'adam da take ji da yadda suka bazu a sama, sannan ta kintata. A wayoyin Android, ma'anar lambar ita ce a cikin awo 100, kusan 68 za su faɗa cikin wannan da'ira, sauran su faɗa waje. Wasu masu ƙera na'urori ma rabi da rabi suke nufi. Wanda yake son lambar da zai iya tsayawa a kanta gaban mai unguwa, sai ya ninka abin da ya gani sau biyu. Mita 3 ta koma 6.

Mita 6 ba komai ba ce ga direban da ke neman hanyar Funtuwa. Amma fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da ƙafa 100, faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai, don haka kuskuren mita 6 ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin. Wannan ne ya sa ake yawan jin maganar gyara awon da tashar tushe, wadda masu aikin safiyo ke kira bes. Gyaran gaskiya ne, yana kuma aiki. Sai dai yana da iyaka, kuma wanda bai san inda iyakar take ba zai iya fitowa da takarda mai ɗauke da lambobi masu kyan gani da ba su fi na farko inganci ba.

Kuskure iri biyu

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana aiko da sigina mai ɗauke da lokacin da ta baro shi. Aikin na'urar hannu shi ne ta auna tsawon lokacin da siginar ta yi a hanya, ta mayar da shi nisa, ta haɗa nisan taurari huɗu ko fiye, ta fitar da wuri. Da yake siginar tana tafiya da saurin haske, jinkirin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa yana zama santimita 30 a ƙasa. Duk abin da ya ɗan riƙe siginar a hanya ya zama kuskure a kan iyakar gona.

Abubuwan da ke riƙe ta sun kasu gida biyu. Kashi na farko yana faruwa ne can sama, nesa da mai awo. Agogon tauraron yakan ɗan kauce, wurin da tauraron ya ce yake yakan ɗan bambanta da inda yake a zahiri, sannan siginar tana ratsa wani sashe na sararin samaniya mai cike da cajin lantarki, wanda ake kira ayonosfiya, inda take yin jinkiri. Wannan na ƙarshe shi ne babba ga ƙananan na'urori, kuma lissafin da taurarin ke aikowa don rage shi kusan rabinsa kawai yake cirewa. Najeriya na da nata kason na musamman a nan, domin ikwaitar maganaɗisun duniya ta ratsa ta cikinta, kuma a wannan yanki ayonosfiya ta fi kauri da rana, ta fi rikicewa bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya tsaya auna fili bayan magariba ya zaɓi mafi munin lokaci.

Abin lura game da wannan kashi shi ne na tarayya ne. Na'urori biyu da ke tsakanin kilomita 10 da juna suna kallon tauraro ɗaya ta kusan hanya ɗaya, saboda kilomita 10 ba a bakin komai take ba idan aka kwatanta da 20,200. Jinkirin da ya sami ɗaya shi ya sami ɗayar.

Kashi na biyu yana faruwa ne a daidai inda mai awo yake tsaye. Siginar takan bugi katanga, ko rufin kwano, ko jikin mota, ta dawo kan eriya bayan ta ainihi ta iso, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, sai na'urar ta ruɗe ta auna nisan da ya fi na gaskiya. Ganyen bishiya yana raunana siginar, jikin mai riƙe da na'urar yana tare rabin sama, ita kanta ƙaramar eriyar da ke ciki tana da nata rawar. Wannan kuskure na mai shi ne shi kaɗai. Na'urar da ke mita 50 daga nan ba ta san da shi ba.

Tashar tushe na'ura ce da aka kafa a kan wurin da aka riga aka san lambobinsa daidai. Tunda ta san inda take, ta san nisan da ya kamata ya kasance tsakaninta da kowane tauraro, sai ta kwatanta da wanda ta auna, ta ce wannan tauraron awonsa ya yi tsawo da mita 4.1 a wannan daƙiƙar, wancan da mita 2.7. Idan aka cire waɗannan daga awon na'urar hannu, kashi na farko ya tafi kusan gaba ɗaya. Kashi na biyu kuwa yana nan daram, domin tashar ba ta taɓa ganin katangar da ke kusa da mai awo ba.

Wata gona a bayan Zariya

A ɗauki misalin wani matashin jami'in gona da danginsa suka ɗora wa aikin rubuta iyakokin gonar gado kafin a raba ta. Gonar tana kimanin kilomita 12 daga Samaru, tsawonta mita 120, faɗinta 90, wato murabba'in mita 10,800 idan aka ja tef. Gamba da bini-da-zugu ne suka shata ta, amma a gefen gabas gambar ta soma mutuwa, kuma akwai rijiya mita 2 daga wannan iyakar, ta ciki. Abin da dangin suke so shi ne takardar da za a iya ɗaukowa bayan shekara goma, idan gambar ta ɓace, a ce ga inda iyaka take.

Ya zagaya kusurwoyi huɗun ranar Asabar da safe, na'urar ta ba shi murabba'in mita 10,560. Ya koma ranar Talata da la'asar don ya tabbatar, ta ba shi 11,090. Da ya ɗora zanen biyu a kan juna a kwamfuta, sai ya ga na biyun ya matsa yamma da kusan mita 4, har iyakar gabas ta Talata ta bar rijiyar Asabar a gonar maƙwabci. Da ya nuna wa ƙanen mahaifinsa, dattijon ya duba takardun biyu ya ce, "To ɗana, wacce daga ciki za mu ajiye? Bambancin nan ai ya fi fuloti guda." Ya amsa da cewa, "Baffa, a yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa, akwai yadda ake gyara shi."

Dabarar da ta fara zuwa masa ita ce wadda take zuwa wa kusan kowa. Ya aro na'ura ta biyu, ya ɗora ta a kan wani dutsen safiyo da aka san lambobinsa a bakin hanya, ya ga ta kauce da mita 2.4 zuwa gabas da mita 1.8 zuwa arewa, ya rubuta, sannan ya tafi ya auna kusurwoyinsa ya cire waɗannan lambobi biyu daga kowacce. A ido, wannan shi ne ainihin abin da tashar tushe take yi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsala ta farko ita ce lokaci. Kuskuren da aka karanta da ƙarfe 10 ba shi ne na ƙarfe 10 da minti 40 ba, domin taurarin suna tafiya, wasu suna faɗuwa wasu suna fitowa. Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Kaucewar mita 2.4 da 1.8 sakamakon haɗuwar kurakuran taurari ne, a ce goma sha ɗaya, waɗanda na'urar kan dutse take ji. Ɗaya daga cikin kusurwoyin gonar tana ƙarƙashin wani babban mangwaro, inda na'urarsa take jin bakwai kawai. Haɗin bakwai yana ba da wata kaucewa dabam, wadda ma za ta iya fuskantar kishiyar nahiya, don haka cire lambar kan dutse daga wannan kusurwa zai iya ƙara mata kuskure. Dabarar tana ɗan taimakawa idan na'urorin iri ɗaya ne, suna rubutawa a daƙiƙa ɗaya, kuma dukkansu suna fili sarari. Da zarar ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya faɗi, caca ce, kuma babu abin da zai fito a fuskar na'urar ya gaya wa mai awo cewa ya faɗi.

Gyaran na ainihi ana yin sa ne tauraro bayan tauraro, kafin a haɗa su a fitar da wuri. Wannan yana buƙatar na'urar ta ajiye ɗanyen awonta, wato nisan da ta auna zuwa kowane tauraro a kowace daƙiƙa. Yawancin ƙananan na'urorin hannu ba sa ajiye shi, wurin da suka riga suka lissafa kawai suke bayarwa, kuma irin wannan awo babu manhajar da za ta iya warware shi daga baya, kamar yadda ba a raba gero da dawa bayan an niƙa. Tambayar farko ke nan da ya kamata a yi kafin a fita gona: shin na'urar nan tana fitar da fayil ɗin RINEX? Wasu daga cikin na Garmin, kamar GPSMAP 66, suna yi. Wayoyin Android da yawa ma suna iya bayar da ɗanyen awo tun daga 2016, ta manhaja irin GnssLogger, ko da yake eriyar waya ita ce mafi rauni a cikin duka.

Wani tsohon ma'aikacin safiyo da matashin ya je wa da takardunsa ne ya ɗora shi a kan hanya. "Samari," in ji shi, "ba sai ka kafa tasha ba, akwai ta gwamnati a jami'a. Ka dai tabbatar tana da bayanan ranar kafin ka ɓata wuninka." Yana nufin tashar ABUZ da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya daga cikin tashoshin dindindin na NIGNET, waɗanda Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008. Akwai irinta a Abuja da Birnin Kebbi da Katsina da Yola da Toro da wasu garuruwan. Kowace tasha a duniya takan tsaya wani lokaci, saboda wuta ko layin sadarwa, shi ya sa shawarar dattijon take da muhimmanci. Nisa ma yana da tasiri. A kilomita 12, sama ɗaya ce a kan tashar da gonar. A kilomita 200, musamman a ƙarƙashin ayonosfiya irin ta yankin nan, abin da suka yi tarayya a kai ya ragu, gyaran ma ya ragu da shi.

Matashin ya koma da aron na'ura mai ajiye RINEX. A wannan karon bai riƙe ta a hannu ba. Ya ɗaure ta a kan sanda mai tsayin mita 2 don ta wuce kansa, ya kafa sandar a tsaye a kan kowace kusurwa, ya ja da baya, ya bar ta minti 15, yana rubuta lokacin farawa da na gamawa a littafi. Dalilin minti 15 shi ne amsa-kuwwar sigina tana sauyawa yayin da taurari ke tafiya, don haka matsakaicin awo mai tsawo yana shafe wani ɓangare nata, abin da tsayuwar daƙiƙa 10 ba za ta yi ba. Daga nan ya samo fayil ɗin tashar na wannan rana, yana tuna cewa agogon fayilolin yana bayan na Najeriya da kusan awa ɗaya, ya zuba duka biyun tare da fayil ɗin hanyoyin taurari a cikin RTKPOST, wani sashe na manhajar RTKLIB da ake samu kyauta. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a saitin:

```
Positioning Mode : DGPS/DGNSS
Elevation Mask   : 15
Base Station     : Lat/Lon/Height (deg/m)
```

Na farko yana gaya wa manhajar irin gyaran da za ta yi. Na biyu yana zubar da taurarin da suka yi ƙasa da digiri 15 daga bakin sama, domin siginarsu ta fi kowacce doguwar tafiya a cikin iska, ta kuma fi bugun katangu. Na uku shi ne inda ake rubuta lambobin tashar na hukuma da hannu. Lambobin da ke saman fayil ɗin RINEX an yi musu laƙabi da APPROX POSITION XYZ, wato kintace, kuma duk kuskuren da ke cikin wurin tashar yana sauka a kan gonar ba tare da ragi ba. Idan tashar ta kauce da mita ɗaya, duka kusurwoyi huɗun sun kauce da mita ɗaya, kuma za su yi ta dacewa da juna kamar babu abin da ya faru. Bayan manhajar ta gama, kowane layi na sakamakon yana ɗauke da lambar Q. Idan Q ta nuna 4, an yi gyaran. Idan ta nuna 5, manhajar ba ta sami bayanan tashar na wannan lokacin ba, ta mayar wa mutum da awonsa yadda ya kawo shi.

Yadda ake sanin ya gyaru

Manhajar tana bayar da nata hasashen inganci, kuma kusan kullum tana yabon kanta fiye da kima. Shaidar da za a dogara da ita ita ce maimaitawa, sai dai akwai tarko a nan ma. Taurarin GPS suna komawa daidai wuraren da suke a sama bayan awa 23 da minti 56. Wanda ya auna kusurwa da ƙarfe 10 yau, ya dawo ƙarfe 10 gobe, ya tarar da kusan sama ɗaya, katanga ɗaya, amsa-kuwwa ɗaya. Awon biyu za su dace, ya yi murna, alhali kuskure ɗaya ya auna sau biyu. Maimaitawar da ke da amfani ita ce wadda aka yi da tazarar awa uku ko huɗu, lokacin da taurarin suka sauya wuri.

Haka matashin ya yi, zagaye ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar. A kusurwoyi uku da ke fili, bambancin zagayen biyu ya kasance santimita 60, 90 da 70. A ƙarƙashin mangwaro ya kasance mita 2.8. Tashar ta yi aikinta a kan duka huɗun daidai wa daida, abin da ya rage a ta huɗun nata ne na kanta. Maganin wannan kusurwa ba ya cikin kwamfuta. Ya koma ya zaɓi wurare biyu a kan layin shingen, a fili, ɗaya mita 15 daga kusurwar, ɗayan can nesa da shi, ya auna su da na'ura, sannan ya ja tef daga na kusa zuwa gindin kusurwar ya lissafa wurinta. Bayan haka girman gonar ya fito 10,720 a zagayen farko, 10,870 a na biyu.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ke gaya wa mutum tun kafin ya fita irin rawar da zai gani a girman fili mai kusurwa huɗu:

```
σA ≈ σ × D
```

A nan σ ita ce rawar kowace kusurwa ta fuskar gabas ko arewa, D kuma tsawon layin da ya ratsa filin daga kusurwa zuwa kishiyarta. A gonar nan D mita 150 ce. Da rawar mita 2, girman zai riƙa yawo da kusan murabba'in mita 300 sama ko ƙasa, wani lokaci ninkin haka, kuma abin da aka gani ke nan tsakanin Asabar da Talata. Da rawar rabin mita, ya sauko zuwa 75, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na gonar. Idan aka kai lissafin kan fuloti mai ƙafa 50 da 100, inda D take mita 34 kuma girman yake murabba'in mita 465, rawar mita 2 tana ba da 68, kusan kashi 15 cikin ɗari. Na'ura ɗaya, rana ɗaya, ta wadatar a babbar gona, ta zama abin dariya a fuloti.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne kuskuren tarayya, wanda tashar take cirewa, yawanci ɗaukar zanen yake yi gaba ɗayansa ya matsar da shi gefe, idan an auna kusurwoyin cikin ɗan lokaci. Bai cika taɓa girman ba. Abin da ke lalata girma shi ne kuskuren kowace kusurwa ita kaɗai. Saboda haka a gonar nan, tashar ce ta dawo da rijiyar cikin iyaka, amma sanda da haƙurin minti 15 da tef ne suka fi gyara girman. Wanda girman gona kaɗai yake nema, domin lissafin taki ko iri, zai fi cin riba idan ya gyara tsayuwarsa kafin ya je neman fayil ɗin tasha. Raba gonar tsakanin magada kuwa, tef da igiya sun fi na'urar hannu ko an gyara ta, domin tef mai kyau a kan mita 90 ba ya kuskuren da ya wuce 'yan santimita.

Inda na'urar hannu take tsayawa

Masu tallar kayan awo suna maganar santimita ɗaya ko biyu, kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai wani awo dabam suke nufi. Siginar GPS tana ɗauke da ma'auni biyu. Na farko, wanda na'urorin hannu suke karantawa, kamar tef ne da aka yi wa alama a duk mita 293, kowace alama da lambarta. Na'urar tana kintata tsakanin alamomin da ƙwarewa, amma ƙwarewar tana ƙarewa a kusan rabin mita zuwa mita. Na biyu shi ne zangon siginar kanta, mai tsawon santimita 19, kamar tef mai alamomi sirara ƙwarai amma babu lamba ko ɗaya a jikinsu. Ana iya karanta shi zuwa 'yan milimita, da sharaɗin a gano yawan cikakkun zanguna da ke tsakanin eriya da tauraro. Idan manhaja ta gano wannan adadi, takan rubuta Fix, wato Q ta zama 1. Idan tana kan kintace, takan rubuta Float, Q ta zama 2, kuma a wannan hali kuskuren zai iya zama santimita 20, zai iya kaiwa mita.

Samun Fix abin dogaro yana son eriya ta gaske a kan sanda mai ma'aunin tsayuwa, da na'ura mai jin zango biyu, da sama a buɗe. Irin waɗannan kaya sun yi sauƙi a 'yan shekarun nan, tun da ƙananan na'urori irin ZED-F9P na kamfanin u-blox suka shigo kasuwa, kuma da su ana samun santimita ɗaya zuwa biyu, a ƙara kusan milimita ɗaya ga kowace kilomita ta nisan tasha. Na'urar hannu ta yawon daji ba don wannan aka ƙera ta ba. Abin da ya dace mai ita ya sa rai da shi shi ne mita 3 zuwa 5 ba tare da gyara ba, kusan mita ɗaya idan an gyara da tasha ta kusa kuma an tsaya da kyau, rabin mita a rana mai kyau a fili fetal. Duk wanda ya ce ya sami santimita 5 da ita, a nemi ya nuna zagayensa na biyu.

Ga dangin nan, mita ɗaya ta isa ta nuna cewa rijiyar tana ciki, tunda tazararta mita 2 ce, amma da kyar. Da tazarar rabin mita ce, da takardar ba ta da abin cewa. Tsohon ma'aikacin ya ba su shawarar su kafa turakun siminti a kusurwoyin gabas a gaban maƙwabcin da mai unguwa, su rubuta nisan rijiyar daga kowane turke da tef, su ɗauki lambobin GPS a matsayin abin da zai kai mutum kusa da turken idan ciyawa ta rufe shi. Idan kuma takardar mallaka suke nema daga KADGIS, wannan aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, da kayansa da sa hannunsa, kuma babu gyaran da zai mayar da awon jami'in gona ya zama nasa.

Saura abu guda da ke iya rushe duk wannan aiki ko da an yi shi daidai. Na'urar GPS tana bayar da lambobinta ne a kan tsarin WGS 84, yayin da takardun safiyo da yawa a Najeriya an yi su a kan tsarin Minna, wanda tushensa wani dutsen awo ne mai suna L40 a garin Minna. Tsarin biyu suna ba wa wuri ɗaya lambobi dabam. A yankin Zariya da Kano, idan duka biyun an rubuta su da UTM, bambancin ya kai kusan mita 80 a lambar gabas da kusan 120 a lambar arewa. Alamar wannan ciwo a bayyane take: duka kusurwoyin sun kauce da adadi ɗaya, babba, zuwa nahiya ɗaya, kuma ba ya sauyawa daga safe zuwa yamma. Wanda ya ga haka ya duba Map Datum a saitin na'urarsa, ko a QGIS ya duba ko EPSG:32632 yake kai ko EPSG:26332, kafin ya zargi maƙwabci da cin iyaka.

Juya lambobi daga wannan tsari zuwa wancan abu ne na danna maɓalli, amma juyin da ke cikin ƙananan na'urori da yawancin manhajoji na gama-gari ne ga ƙasar baki ɗaya, kuma shi kansa yana ɗauke da kuskuren 'yan mitoci. Wanda ya sha wahala ya sauko da awonsa zuwa santimita 70, sannan ya juya shi zuwa Minna da wannan lissafi don ya kwatanta da tsohuwar takarda, ya mayar da mitocin da ya cire. Haka ma wanda ya kafa tasharsa a kan tsohon dutsen safiyo ya ba ta lambobin da ya juya ta wannan hanya. Idan dole ne a haɗa sabon awo da tsohuwar takarda, hanyar ita ce a nemo duwatsun safiyo biyu ko uku na kusa da ke cikin tsarin takardar, a auna su da na'ura ɗaya a rana ɗaya da gonar, a fitar da bambancin wannan unguwar daga gare su. A takardar da matashin ya miƙa wa baffansa, ƙarƙashin lambobin kusurwoyin, ya rubuta WGS 84 da shiyyar UTM ta 32, da sunan tashar ABUZ, da ranar awon, da bambancin da ya samu tsakanin zagayen hantsi da na azahar a kowace kusurwa.